Gishiri a ruwa: yaya za a gane asid ne ko baz, kuma yaya ake lissafin pH ɗinsa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibar terminal D ce nan Tahoua. An ba mu aiki aka ce an narka giram 1,07 na NH4Cl a ruwa har ya kai mililita 200, a nemo pH, kuma an ba mu pKa = 9,2. Ni na rubuta 7 tunda gishiri ne, ƙawata ta yi −log C ta samu 1, mushe ya ce duk mun faɗi. Don Allah ina gaskiyar take, kuma yaya zan riƙa ganewa tun kafin in taɓa kalkilatiris?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Amsar ita ce 5,1, to ke kin fi kusa da ita amma mushe na da gaskiya, ku biyun duk kun kauce, kuma kowa da inda ta kauce. Ke kin ɗauka duk abin da aka kira gishiri halin gishirin miya gare shi, ita kuma ƙawarki ta gane cewa asid ne amma ta yi mishi lissafin asid mai ƙarfi kamar HCl. Bari mu bi shi a hankali don in kika kama hanyar sau guda ba ki ƙara buƙatar hadda.

Abu na farko, ki daina kallon gishiri a matsayin abu guda da zarar ya shiga ruwa. NH4Cl na cikin kwalba ne kawai, in ya narke babu shi, abin da ke yawo cikin ruwan iyon biyu ne, NH4+ da Cl−, kowane da harkarsa. To aikinki shi ne ki tsai da kowane iyon shi kaɗai ki tambaye shi: kai kana iya ba ruwa furoton, wato H+, ko kana iya ƙwace ma ruwa nasa, ko ko ba ruwanka? Wannan mu'amala ta iyon da ruwa ita ce ake ce ma idirolizi, kuma duk darasin a nan ya tsaya.

Yadda ake sanin amsar shi ne a dubi asalin iyon ɗin. Cl− daga HCl ya fito, kuma HCl asid ne mai ƙarfi, ma'ana in ya shiga ruwa sakin furoton ɗinsa yake gaba ɗaya ba ya waiwaye. To wanda ya saki abu da wannan sauƙin ba zai dawo ya ce a ba shi ba, shi ya sa Cl− ko kin cika ruwa da shi ba ya ɗaukar H+ ko ɗaya da zai canza pH, ɗan kallo ne. Haka Br− da I− da NO3−, duk ƴaƴan asid masu ƙarfi ne. A ɗaya ɓangaren kuma Na+ da K+, waɗanda suka fito daga NaOH da KOH, su ma ƴan kallo ne, Ca2+ ma a lissafinku haka za ki ɗauke shi. Gishirin miya NaCl ƴan kallo biyu ne suka haɗu, shi ya sa pH ɗinsa ke zama na ruwa, 7. Ba wai don sunansa gishiri ba.

NH4+ kuwa daban yake. Abokin zamansa NH3 ne, amoniyak, baz mai rauni, ya riƙe furoton amma ba riƙon da ba ya saki ba. In ya samu ruwa yana ɗan sakin wani abu:

```
NH4+ + H2O ⇌ NH3 + H3O+
```

Kin ga H3O+ ya fito a dama, kuma ba wani iyon a cikin ruwan da ke samar da HO− da zai biya shi. Ke nan tun ba ki taɓa kalkilatiris ba kin riga kin san pH na ƙasa da 7. Ni ina ce ma ɗalibaina su rubuta wannan a gefen takarda kafin komi, "asid, ƙasa da 7", don shi ne zai kama su in lissafi ya ɓace daga baya. Kuma da yake pKa ɗin 9,2 ne, wato asid ne mai rauni ƙwarai, kin san ba zai yi nisa da 7 sosai ba, 1 ɗin ƙawarki tun nan ya faɗi. Ruwan da ke da pH 1 asid ne na gaske wanda ba a wasa da shi, ba ruwan ɗan gishirin amoniyom ba.

To lissafi. Nauyin mol ɗaya na NH4Cl: azot 14, idirojen huɗu 4, kulor 35,5, jimla 53,5 giram. Giram 1,07 a raba da 53,5 ya ba da mol 0,02. Mililita 200 lita 0,2 ce, kada ki manta da maida ta lita, nan mutane da yawa ke zubar da maki a banza. Mol 0,02 a raba da 0,2 ya ba da C = 0,1 mol/L. Kowane NH4Cl guda yana ba da NH4+ guda, to NH4+ ma 0,1 ne a farko.

Yanzu ki ce x shi ne adadin NH4+ da ya saki furoton a kowace lita. Duk wanda ya saki ɗaya ya haifar da NH3 ɗaya da H3O+ ɗaya, saboda haka su biyun kowane x ne, abin da ya rage na NH4+ kuma 0,1 − x. Ka kuwa 10 ne a ɗaga shi zuwa −9,2, ki danna a kalkilatiris zai ba ki 6,3×10⁻¹⁰.

```
Ka = x² / (0,1 − x) = 6,3×10⁻¹⁰
```

Nan ne ake yin sassaucin da kowa ke yi amma ba kowa ya san dalili ba. Tunda Ka ƙarami ne haka, muna zaton x ɗan mitsitsi ne in aka gwada shi da 0,1, sai mu ce 0,1 − x kusan 0,1 ne. Zato ne fa, ba doka ba, za mu dawo mu bincike shi. Da wannan zaton:

```
x² = 6,3×10⁻¹⁰ × 0,1 = 6,3×10⁻¹¹
x  = 7,9×10⁻⁶ mol/L
pH = −log(7,9×10⁻⁶) = 5,1
```

In saiwar 10⁻¹¹ ta ba ki wahala da ka, ki maida lambar 63×10⁻¹², saiwar 63 kusan 7,9 ce, ta 10⁻¹² kuma 10⁻⁶, shi ke nan.

Sai binciken zato, kuma don Allah kada ki tsallake shi ko da lokaci ya ƙure, layi biyu ne. Na farko x a raba da C: 7,9×10⁻⁶ bisa 0,1 ya ba da kusan 0,00008, wato cikin NH4+ dubu ɗari guda takwas ne kacal suka saki furoton. Abin da aka saba shi ne in bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba an yarda da sassaucin, mu nan ko kusa ba mu yi ba. Na biyu, shi ruwan kansa yana da nasa H3O+ da muka yi kamar babu, wanda a ruwa zalla 10⁻⁷ ne. Namu x ya ninka shi kusan sau tamanin, to an yi daidai da aka ƙyale shi. Amsa ta tsaya, 5,1.

Wannan takwas cikin dubu ɗari shi ne duk bambancin da ke tsakaninki da ƙawarki. Ita −log C da ta yi yana nufin duka dubu ɗarin sun saki, ke kuma 7 ɗinki yana nufin ko ɗaya bai saki ba. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne yadda takwas ɗin nan suka isa su sauko da pH daga 7 zuwa 5,1, amma ki tuna ruwa zalla H3O+ ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, ɗan abin da aka ƙara mishi sai ya rinjaye shi.

Wataƙila a kayenki akwai wannan gajeriyar hanya:

```
pH = ½ (pKa − log C)
```

Ba wani sabon abu ba ne, lissafin da muka yi ne aka ɗauki log ɗinsa. Ki gwada, −log 0,1 ɗaya ne, 9,2 da 1 ya zama 10,2, rabinsa 5,1. Tana da sauri, ni ma ita nake amfani da ita in ina gyaran takardu, amma zatuttukan nan biyu suna ɓoye a cikinta kuma ba za ta gaya miki ranar da suka karye ba. Zan nuna miki inda take yin ƙarya nan gaba kaɗan.

Kafin nan bari mu juya abin, don a jarabawa in ba a kawo amoniyom ba to asetat za a kawo. CH3COONa, konsantarasiyo 0,1 mol/L, pKa na asid asetik 4,8. Ki raba: Na+ ɗan kallo, CH3COO− kuma daga asid mai rauni ya fito, asid ɗin da ke cikin binegar. Asid mai rauni bai son rabuwa da furoton ɗinsa, to iyon ɗinsa in ya ga ruwa sai ya ƙwato:

```
CH3COO− + H2O ⇌ CH3COOH + HO−
```

HO− ya fito, baz ke nan, a rubuta "sama da 7" a gefe. Tarkon da ke nan shi ne lambar da aka ba ki. An ba ki pKa 4,8 amma wannan na asid ɗin ne lokacin da yake ba da furoton, mu kuma abin da ke faruwa a kofinmu baz ne ke karɓa. Sai kin juya shi. Ga kowane asid da baz ɗinsa Ka × Kb = Ke, kuma Ke a digiri 25 shi ne 10⁻¹⁴, wato pKb = 14 − 4,8 = 9,2, Kb = 6,3×10⁻¹⁰. Lissafin daga nan irin na ɗazu ne sak, x ya fito 7,9×10⁻⁶, sai dai wannan karon x ɗin HO− ne ba H3O+ ba. To −log ɗinsa 5,1 ba pH ba ne, pOH ne, pH kuma 14 − 5,1 = 8,9. Duk shekara sai na ga takardun da aka rubuta 5,1 aka ja layi biyu a ƙasa, alhali ɗalibin da hannunsa ya rubuta HO− a layin sama. Da ya rubuta "sama da 7" tun farko da ya kama kansa. Wanda kuma ya manta bai juya pKa ba ya sa 4,8 kai tsaye cikin gajeriyar hanya zai samu 2,9, wanda shi ne pH na asid asetik ɗin kansa, ba na gishirinsa ba.

Kada ki ce kullum haka lambobin ke zama kamar madubi, 5,1 da 8,9. Dacewa ce kawai, don ƙarfin amoniyak a matsayin baz da na asid asetik a matsayin asid kusan ɗaya ne. Amma dacewar tana da amfani in aka haɗa su biyun a gishiri guda, CH3COONH4. Nan babu ɗan kallo, NH4+ na sakin furoton CH3COO− na karɓa, sai a duba wa ya fi ƙarfi, Ka na mai bayarwa ko Kb na mai karɓa. Tunda sun yi kunnen doki pH na zama wajen 7, kuma lissafinsa rabin jimlar pKa biyun ne, 9,2 da 4,8 sha huɗu, rabi 7. Wannan 7 ɗin ba irin na NaCl ba ne, can ba wanda ya motsa, nan kuwa duka biyun suna aiki ne suka kashe juna. In aka canza abokin aka kawo NH4F, pKa na HF wajen 3,2 ne, rabin 9,2 da 3,2 ya ba da 6,2, ɗan asid. Ki lura C bai shigo cikin wannan lissafin ba, muddin ba a tsinke solisiyon da ruwa ƙwarai ba pH ɗinsa kusan bai damu da yawan gishirin ba.

To ga inda gajeriyar hanya ke ƙarya. Ki ɗauki NH4Cl ɗinmu ki yi ta ƙara mishi ruwa har C ya zama 10⁻⁶ mol/L. Ki sa a ciki: 9,2 da 6 ya zama 15,2, rabi 7,6. Wato wai kin zuba asid a ruwa ya koma baz. Wannan ba ya yiwuwa, asid duk yadda aka tsinke shi yana matsowa kusa da 7 ne daga ƙasa, ba ya tsallakewa. Abin da ya faru zato na biyu ne ya karye: H3O+ ɗin da NH4+ ke bayarwa yanzu ya yi ƙasa da na ruwan kansa, kuma mu mun share na ruwa. In aka maido shi lissafin ya koma haka:

```
x² = Ka×C + Ke = 6,3×10⁻¹⁶ + 10⁻¹⁴
x  = 1,03×10⁻⁷ mol/L
pH = 6,99
```

Asid ne har yanzu amma da kyar, ba na'urar lakol da za ta raba miki shi da 7. Alamar da za ki riƙe ita ce, duk lokacin da lissafi ya kawo ki tsakanin 6,5 da 7,5 ki tsaya ki duba ruwa, in kuma ya tsallake 7 zuwa ɓangaren da bai kamata ba to ba ma sai an duba ba, ya karye.

Zato na farko shi kuma wurin karbonat yake karyewa, kuma wannan ya fi shafarmu don kanwa ce. Kanwar da ake jefa ma wake ko miyar kuɓewa, akasarin abin da ke aiki a cikinta karbonat da bikarbonat na sodiyom ne, gauraye da gishiri da ƙasa da wasu abubuwa gwargwadon inda aka haƙo ta. CO3²⁻ baz ne da ya fi asetat ƙarfi nesa ba kusa ba, don asid ɗinsa HCO3− pKa ɗinsa 10,3 ne, ke nan pKb 3,7, Kb = 2×10⁻⁴. Ki gwada da na asetat 6,3×10⁻¹⁰, ya ninka shi sama da sau dubu ɗari uku. Ki ɗauki Na2CO3 mai C = 10⁻³ mol/L. In kika yi sassaucin nan x zai fito saiwar 2×10⁻⁷, wato 4,5×10⁻⁴, ki raba da C ki ga kashi 45 cikin ɗari. Kin ce x ɗan mitsitsi ne sai ga shi kusan rabin C, to ba ki da ikon share shi. Dole a koma ekuwasiyo mai x² a warware ta yadda kuka koya a lissafi:

```
x² + 2×10⁻⁴ x − 2×10⁻⁷ = 0
x = 3,6×10⁻⁴ mol/L
pOH = 3,45    pH = 10,55
```

Ɗayar amsar mai alamar ragi ce, a yar da ita, konsantarasiyo ba ya zama ƙasa da sifili. Sassaucin da ya ba da 10,65, na gaskiya 10,55. Za ki ce ai 0,1 ne kawai Malam, e haka ne a pH, don log yana danne bambanci, amma a HO− ɗin kansa kuskuren kashi 25 cikin ɗari ne, kuma in tambaya ta gaba ta ce a lissafo sauran CO3²⁻ da ya rage sai kuskuren ya bi ki har ƙarshen aikin. Akwai mataki na biyu, inda HCO3− ɗin da ya samu shi ma zai karɓi wani furoton, amma Kb ɗinsa wajen 10⁻⁸ ne, bai ƙara komi a kan na farko, a ƙyale shi.

Shi bikarbonat shi kaɗai, NaHCO3, wanda ake sa ma fanke da kek, yana ruɗa mutane don suna ganin H a jikinsa sai su ce asid. HCO3− na iya bayarwa yana iya karɓa, to sai a gwada. Wajen bayarwa Ka ɗinsa 10 ne a −10,3. Wajen karɓa asid ɗinsa shi ne CO2 narkakke mai pKa 6,4, to pKb 7,6. 10⁻⁷,⁶ ya fi 10⁻¹⁰,³ girma sosai, karɓa ta rinjaya, baz ne mai sauƙi, pH rabin 6,4 da 10,3, wajen 8,3. Amma kada ki maida wannan doka ki ce duk mai H a tsakiya baz ne, NaHSO4 asid ne sosai don HSO4− pKa ɗinsa wajen 2 ne kuma kusan ba ya karɓa sam. Ganin H ko rashin ganinsa ba ya yanke hukunci, lambobin ne ke yankewa.

Haka kuma akwai gishirin da ba H ko ɗaya a rubuce amma asid ne, irin AlCl3 da FeCl3 da alif ɗin da ake sa ma ruwan gulbi ko na tabki don laka ta kwanta. Al3+ ƙarami ne kuma cajinsa uku, in ya shiga ruwa kwayoyin ruwa shida ke kewaye shi, yana jan su da ƙarfi har ɗayansu ya saki H+. pKa ɗinsa wajen 5 ne, kusan ƙarfin asid asetik ke nan, na Fe3+ ma ya fi haka tsami. Saboda haka "ƙarfe ɗan kallo ne" gaskiya ce ga Na+ da K+, ba ga kowa ba.

Wasu ƙananan wurare biyu da maki ke zubewa, duk a kan C. In gishirin (NH4)2SO4 ne, irin takin zamani na sulfat, kowane guda NH4+ biyu yake bayarwa, to in an ce 0,1 mol/L abin da za ki sa a lissafi 0,2 ne. Na biyu a dozaj ne. In aka ce mililita 20 na asid asetik 0,1 an zuba mishi mililita 20 na sud 0,1 har aka kai ekibalans, abin da ke cikin kofin asetat ne zalla, lissafin da muka yi ɗazu ne, amma ruwan ya zama mililita 40, C ya koma 0,05. −log 0,05 shi ne 1,3, to pOH rabin 9,2 da 1,3 wato 5,25, pH 8,75. Shi ya sa a irin wannan dozaj ake zaɓar fenolftaleyin da ke juyawa daga 8,2 zuwa 10, ba eliyantin ba wanda tun wajen 3 zuwa 4 ya riga ya canza launi asid bai ƙare ba.

In lakol ɗinku na da labo kuka auna, kada ki yi mamaki in na'ura ba ta ba ki lambar takarda cif ba. Ruwan da aka tace in ya zauna a buɗe yana shan CO2 na iska har pH ɗinsa ya sauko ƙasa da 6, to NaCl da kika narka a ciki zai nuna wajen 6 ba 7 ba, kuma ba laifin gishirin ba ne. In kuma ruwan fanfo ko na rijiya aka yi amfani da shi, yawanci akwai bikarbonat a ciki wanda zai haɗiye ɗan H3O+ ɗin da NH4+ ya saki, ki tuna 7,9×10⁻⁶ ne kawai, sai ki ga 6 da wani abu maimakon 5,1. Sannan zafi. 14 ɗin nan da muke ta ragewa daga gare shi na digiri 25 ne, mu kuma nan Tahoua a watan Afrilu da Mayu ajin da ba kilim ruwan da ke kan tebur na iya kusantar 40. A digiri 40 pKe wajen 13,5 ne, tsaka-tsaki ya koma wajen 6,8, su ma pKa ɗin suna ɗan motsawa. A jarabawa in ba a faɗi komi ba ki ɗauki 25 da 14, in kuma aka ba ki wani Ke a saman takarda to da gangan aka ba ki, shi za ki yi aiki da shi.

In ba labo, ki jiƙa zoɓo a ruwa ki tace ki raba kofi uku na gilashi. Na farko ki sa gishirin miya, launin ba zai canza ba. Na biyu ki sa bikarbonat, zai yi kumfa kaɗan don zoɓon kansa akwai tsami, jan ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Na uku ki sa ruwan kanwa isasshe, zai wuce nan ya tafi wajen kore mai duhu. Ki sa zoɓon ya zama tsararo ba mai kauri ba, in ya yi kauri tsaminsa zai cinye baz ɗin ki ga kamar ba abin da ya faru. Shi NH4Cl ba zai nuna miki komi da zoɓo ba, don 5,1 bai kai tsamin zoɓon kansa ba, wannan sai takardar pH ko BBT, wanda ke zama rawaya ƙasa da 6, kore a tsakiya, shuɗi sama da 7,6.

Ga aikin da za ki gwada ke da ƙawar taki kafin ku koma wurin mushe: NH4NO3 mai 0,01 mol/L, da KNO3 mai 0,5 mol/L, da HCOONa mai 0,1 mol/L inda pKa na asid formik 3,8 ne. Ku rubuta ɓangaren da kowane zai faɗa tukuna sannan ku lissafa. Ya kamata ku samu 5,6 da 7 da 8,4, in na ukun ya ba ku 5,6 shi ma to pOH kuka tsaya a kai, in ya ba ku 2,4 ba ku juya pKa ba.